Tun Ran Gini, Ran Zane: Littafin Aikin Yini da Hukuncin Rigimar Gini a Birnin Zariya

Gini sana'a ce mai binne shaidarta da hannunta. Ramin da aka haƙa yau, gobe an zuba masa kankare. Rodin da aka ɗaure da safe, kafin la'asar ya ɓace a cikin ginshiƙi. Bulon da aka jera a ƙarƙashin ƙasa, mako mai zuwa an mayar masa da ƙasa an daɓe. Idan saɓani ya tashi bayan wata shida a kan zurfin harsashi, ko yawan simintin da aka zuba, ko ranar da aka ba da wani umarni, abin da ake jayayya a kansa ba ya ganuwa sai an fasa ginin. Abin da ya rage a hannun mutane biyu ne kawai: tunawarsu, da abin da aka rubuta a ranar da abin ya faru. Tunawa kuwa kan karkata zuwa inda aljihun mai ita yake.

Wannan ne ya sa ake ɗora wa mai kula da aiki nauyin riƙe littafin aikin yini, wato kundin da yake rubuta abin da ya gudana a wurin gini kowace rana, kafin ya bar wurin. A cikin ganuwar Zariya wannan littafi yana da nauyin da ya wuce na sabbin unguwannin da aka yanka filayensu da awo, kuma dalilan suna cikin ƙasar birnin da lungunansa.

Abin da ya bambanta cikin birni

Tsohon birnin da ƙasarsa aka gina shi. Magina sun ɗauki ƙarnuka suna haƙar ƙasa a kusa da gidaje suna yin tubali, kuma ramukan da suka bari su ne kududdufan da aka sani a unguwanni. Da mutane suka ƙaru, an cike da yawa daga cikinsu da shara da toka da ɓaraguzan gini, aka mayar da su filaye. A ƙarƙashin tsofaffin gidaje kuma akwai rijiyoyi da salgogin da aka rufe aka manta. Don haka mai haƙa harsashi tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan ba ya da tabbacin abin da zai tarar, ko da zanen da ke hannunsa ya nuna zurfi ɗaya a ko'ina.

Na biyu shi ne maƙwabtaka. Sau da yawa sabon ginin bulo yakan tashi ne taku ɗaya ko biyu daga katangar ƙasa ta maƙwabci, wadda ta girmi duk wanda ke aikin. Na uku shi ne hanya. Akwai lungunan da tifa ba ta shiga, sai a sauke yashi da tsakuwa a bakin titi a kwaso da baro, kuma wannan kwasa kuɗi ce da lokaci. Na huɗu shi ne damina, wadda a Zariya takan kankama daga Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta, a daidai lokacin da leburori da yawa ke komawa gona. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan huɗun yakan haifi irin tambayar da littafin aiki kaɗai ke amsawa: yaushe aka gani, wa aka gaya wa, me ya ce, kuma me aka yi.

Abin da shafin kowace rana ya kamata ya ɗauka

Shafi yakan fara da kwanan wata da sunan ranar, sa'an nan yanayi. Kalmar "an yi ruwa" ba ta wadatar ba. Abin da ke da amfani shi ne lokacin da ruwan ya fara da lokacin da ya ɗauke, da aikin da ya tsayar. Ruwan da ya sauka da dare ya cika rami daban yake da wanda ya sauka da azahar ya kori magina na awa ɗaya, domin na farkon yana iya cin yini guda ana kwashe ruwa alhali rana tana haske.

Sai mutane. A rubuta adadinsu bisa sana'a: magina nawa, kafintoci nawa, masu lanƙwasa rodi nawa, leburori nawa, kuma a wane ɓangare kowane rukuni ya yi aiki. Idan an sallami wasu da hantsi saboda babu abin da za su yi, a rubuta adadinsu da dalili. Wannan layi shi ne daga baya yake nuna ko aiki ya tsaya ne don an hana shi tafiya, ko don babu masu yin sa.

Sai aikin da aka yi, da wurinsa da awonsa. "Ana ci gaba da haƙa" jimla ce da ba ta taɓa raba gardama ba. "An haƙa ramin bangon arewa, tsawon mita 12, zurfin mita 1.2, an tarar da jar ƙasa mai tauri" kuwa magana ce da za a iya aunawa a biya. Duk abin da za a rufe, a auna shi kafin a rufe, a rubuta wanda ya duba ya amince.

Sai kaya: abin da ya shigo, adadinsa, lambar takardar da ta rako shi, da abin da aka ƙi karɓa. Sai umarni da baƙi: wanda ya zo, ƙarfe nawa, abin da ya ce a yi ko a bari. Mai gida ne, ko injiniya, ko jami'in hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, ko wakilin mai unguwa. A ƙarshe sai haɗari, komai ƙanƙantarsa, da duk wani ƙorafin maƙwabta.

Ranar zuba kankare tana da nata ƙarin bayani, kuma a nan ake ganin yadda lissafi ke tona asiri. A rubuta haɗin da aka yi amfani da shi, lokacin farawa da gamawa, duk tsaikon da aka samu a tsakani, da buhunan simintin da aka fasa. Haɗin da aka saba yi wa rufin bene shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma yakan ci kimanin buhu 6 mai kilo 50 a kowace kubik mita. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 120, kaurinsa milimita 150, kubik mita 18 ke nan, wato yana bukatar buhu 108 ko sama da haka kaɗan. Idan littafi ya nuna buhu 80 aka fasa, duk mai ilimin aikin ya san an tsawaita haɗin da yashi, tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Idan an ɗebi samfur don gwajin ƙarfi na kwana 7 da na kwana 28, a rubuta lambobinsa da ɓangaren da aka ɗebo shi. A rubuta kuma kwanakin da aka yi ana ba kankaren ruwa, musamman a hunturu da bazara da iska ke busar da shi da wuri, da ranar da aka cire katakon tokara. Rufin da ya lotsa bayan shekara, waɗannan layuka ne za su nuna ko zane ne ya gaza, ko haɗi, ko gaggawar kafinta.

Misali: kwana 21 da katangar maƙwabci

A ɗauki misalin wani ma'aikaci mazaunin Abuja da ya ba ɗan kwangila aikin bene mai hawa ɗaya a filin gado, a wani lungu cikin birni. Yarjejeniyarsu a rubuce take, tana ƙirga kwanakin aiki ban da Lahadi, kuma ta ce duk ranar da aka ƙara a kan wa'adi ba tare da uzuri ba za a cire wa ɗan kwangila naira 50,000. Zanen injiniyan da mai gida ya ɗauka ya nuna harsashi mai faɗin milimita 675 da zurfin mita 1.2. A gefen gabas akwai katangar ƙasa ta maƙwabci, ƙasa da mita ɗaya daga inda ramin zai bi.

Aikin ya ƙare da jinkirin kwana 21. Mai gida ya ce zai cire naira 1,050,000. Ɗan kwangila ya ce ko sisi ba za a cire ba, domin damina ce da canjin da injiniya ya kawo suka cinye kwanakin, kuma shi ma yana bin kuɗin ƙarin aiki. Maƙwabci kuma ya ce haƙar da aka yi ce ta tsaga masa katanga. Kowannensu yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Ga abin da littafin mai kula da aiki ya nuna.

Ranar Litinin 29 ga Yuli, kafin a sa diga a ƙasa, ya zagaya katangar tare da maƙwabcin da wakilin mai unguwa. Sun tarar da tsohuwar tsaga mai tsawon mita 1.5. Ya kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, don ya riƙa auna tazararsu, ya rubuta cewa bakin tsagar milimita 4 ne, ya ɗauki hoto, su ukun suka sa hannu a shafin.

An fara haƙa daga yamma. An gama ɓangarori uku an zuba musu kankare, sa'an nan aka zo gabas. Shafin Talata 6 ga Agusta yana cewa:

"An kai mita 1.2 a ramin gabas, tsawon mita 20. Ƙasar baƙa ce mai laushi, da toka da sakaina da leda. Rodi mai milimita 12 yana nutsewa santimita 60 da turin hannu. Da alama bakin tsohon kududdufi ne. An dakatar da zuba kankare. An kira injiniya ƙarfe 10:40, an tura masa hoto da saƙo ƙarfe 10:55, an nuna masa cewa ramin yana kusa da katangar maƙwabci kuma bai kamata ya daɗe a buɗe ba. An sanar da mai gida. Ma'aikata 14 suka zo, an sallami 9 da ƙarfe 12. Tsagar katanga: milimita 4."

Laraba da dare aka yi ruwa mai ƙarfi. Shafin Alhamis ya nuna an kwashe ruwan ramin da inji daga ƙarfe 7 zuwa 11, an tokare katangar da katako, an sake kiran injiniya, kuma tsagar ta kai milimita 6. Injiniya ya iso ranar Juma'a 9 ga wata bayan la'asar, lokacin tsagar ta kai milimita 9. Ya ce a bi ƙasa har mita 2.1 inda aka sami tauri, a riƙa haƙawa gutsure-gutsure ana tokare gefen ramin, ba a buɗe tsawon duka lokaci guda ba. Da baki ya faɗa. Mai kula da aiki ya rubuta maganar a shafin ranar, ya miƙa masa biro ya sa hannu, kuma a daren ya tura wa mai gida hoton shafin. Washegari maƙwabci ya kai kuka wurin mai unguwa, aka ce a dakata sai an zauna. Aikin ya tsaya Asabar da Litinin da Talata.

Da wannan littafi a kan tabarma, kwana 21 ɗin sun rabu gida biyar. Kwana 4, daga Talata zuwa Juma'a, jiran injiniyan mai gida ne, kuma shafukan sun nuna babu wani aikin da za a iya juyawa a kai, domin ba a daɓe ƙasan gini sai harsashi ya zagayo ya haɗu. Kwana 5 ƙarin lokacin da zurfafa ramin gabas ya ci a kan abin da aka tsara. Kwana 3 dakatarwar mai unguwa. Kwana 3 ruwan sama ne ya hana aiki a sauran watan Agusta da farkon Satumba. Kwana 6 kuwa, a Oktoba, shafukan suna maimaita magana ɗaya: babu siminti a wurin aiki, magina biyu kaɗai suka zo, sauran sun ce ba a biya su kuɗin makon jiya ba.

Kwana 4 da kwana 5 ba su da gardama, uzurin ɗan kwangila ne. Kwana 3 na dakatarwa ma sun faɗa ɓangarensa, saboda awon ƙusoshin ya nuna tsagar ta motsa ne a kwanakin da ramin ya zauna a buɗe ana jiran umarni, bayan ya yi gargaɗi a rubuce, ya kwashe ruwa, ya tokare. Kwana 3 na ruwa ba su tsaya masa ba. Wanda ya karɓi aiki a Zariya da zai ratsa Agusta ya san za a yi ruwa, kuma yarjejeniyoyin gini da aka saba amfani da su suna ba da uzuri ne ga yanayin da ya wuce na al'ada. Mai son ya nuna ruwan shekarar ya wuce kima sai ya nemo ƙididdigar hukumar NiMet ko ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ya gwada da na shekarun baya. Kwana 6 na rashin siminti kuwa nasa ne, kuma littafin ma'aikacinsa ne ya tabbatar da haka. Sakamakon shi ne ƙarin wa'adi na kwana 12 da tarar kwana 9, wato naira 450,000 a maimakon 1,050,000.

Kuɗin ƙarin aiki ma daga shafukan ya fito. Tsawon mita 20, faɗin mita 0.675, ƙarin zurfin mita 0.9 sun ba da kubik mita 12.15 na ƙarin haƙa. Ƙarin bangon da ke cikin ƙasa murabba'in mita 18 ne, wato jeri huɗu na bulo mai inci 9, kimanin guda 180, ban da katakon tokara da hayar injin kwashe ruwa. Duk wannan yanzu yana ƙarƙashin daɓen falo. Ba don awon da aka rubuta kafin a mayar da ƙasa ba, da ba a san shi ba sai an fasa daɓen.

Maƙwabci ma ya sami haƙƙinsa, ba ƙari ba ragi. Ba zai ce sabuwar katanga lafiyayya aka lalata masa ba, domin hannunsa yana kan shafin 29 ga Yuli. Mai gida kuma ba zai ce tsufa ne kawai ba, domin tsagar da ta zauna a milimita 4 har zuwa 6 ga Agusta ta kai 9 cikin kwana uku. Gyaran ya hau kan mai gida, shi kuma yana da maganar da zai yi da injiniyansa.

Auna tsaga ba don rabon kuɗi kaɗai ake yin sa ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wani sashensa ya rufta a kan masallata ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 lokacin sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, kuma ana shirin kawo injiniyoyi su duba. Abin lura ga mai kula da aiki shi ne gajartar wannan tazara. Ginin ƙasa a tsakiyar damina ba ya ba da dogon wa'adi, kuma lambar da ke ƙaruwa daga shafi zuwa shafi ita ce alamar a tokare, a kuma kawar da mutane daga gindin bango a ranar.

Yadda doka ke kallon littafin

Yawancin rigingimun gini a cikin birni ba sa kaiwa kotu. Sukan ƙare a zauren mai unguwa, ko gaban dattawan magina, ko wurin wani masanin da ɓangarorin suka yarda da shi. A can ma littafin da aka buɗe ana karanta rana bayan rana yakan kwantar da murya fiye da rantsuwa. Amma idan magana ta kai babbar kotu, Dokar Shaida ta 2011 tana da sassa uku da ya kamata mai kula da aiki ya sani.

Sashe na 239 ya ba mai ba da shaida damar duba abin da ya rubuta a lokacin da abin ya faru, ko jim kaɗan bayansa, don ya tuna. Ke nan mutumin da ake tambaya a kan wata Talata ta shekara uku da suka wuce ba zai dogara da ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba. Sashe na 83 ya buɗe ƙofar karɓar bayanin da ke cikin takarda, amma ƙaramin sashensa na 3 ya rufe ta ga bayanin da mai ruwa da tsaki ya rubuta bayan an shigar da ƙara ko ana hangen shigar da ita. Littafin da aka zauna aka cika bayan wasiƙar lauya ta iso yana cikin wannan haɗari. Sashe na 84 kuma ya shafi abin da ya fito daga na'ura, kamar hotunan waya da saƙonnin WhatsApp, waɗanda sai an cika sharuɗɗa, har da takardar shaida a kan na'urar da ta samar da su, kafin a karɓe su. Don haka wayar da ta ɗauki hotunan abin adanawa ce, kuma hoton da shafin ranar ya ambata ya fi wanda ke yawo shi kaɗai ƙarfi.

A manyan ayyuka akan kai saɓani gaban mai sasanci ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023, kuma yarjejeniyar kanta ce ke faɗin irin shaidar da ake bukata. Tsarin FIDIC na 1999, wanda a baya aka yi amfani da shi a ayyukan da bankunan raya ƙasa suka ɗauki nauyi, ya wajabta wa ɗan kwangila a sashe na 20.1 ya ba da sanarwa cikin kwana 28 daga lokacin da ya san abin da zai jawo jinkiri ko ƙarin kuɗi, ya kuma adana bayanan da aka rubuta a lokacin. A 2003 kotun Tsibiran Falkland, a shari'ar Babban Lauyan tsibiran da kamfanin Gordon Forbes, ta fassara irin wannan sharaɗi a wani tsohon bugun FIDIC. Ta ce abin da ake nufi shi ne takardun da aka samar a lokacin da abin ya faru ko kusa da shi, kuma bayanin shaidu da aka shirya daga baya ba ya maye gurbinsu. Tsakanin waɗannan tsibirai da Ƙofar Kuyambana akwai nisan duniya, amma hankalin hukuncin ɗaya ne da na dattijon da ke tambayar wa ya gani, kuma yaushe.

A nan ne iyakar littafin take. Rubuta abu a cikinsa ba sanarwa ba ce. Idan yarjejeniya ta ce a aika wasiƙa cikin kwanaki kaza, shafi mai kyau da ke kulle a akwatin mai kula da aiki ba zai ceci wanda bai aika ba. Haka kuma littafin ba ya mayar da maganar wanda ba shi da hurumi ta zama umarni. Idan ƙanen mai gida ya biyo ta wurin ya ce a matsar da ƙofa, a rubuta cewa ya faɗa, amma kada a taɓa ƙofar sai mai ikon ya tabbatar.

Yadda ake gane littafin gaskiya

Masu bincike sun san kamannin littafin da aka cika a dare ɗaya. Biro ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, hannun bai taɓa sauri ko gajiya ba, shafukan babu ƙura babu ɗigon ruwan siminti. Sunan rana yakan saɓa wa kwanan wata. Akan ga magina goma sha biyu suna aiki ranar hawan Sallah, ko cikakken yinin Juma'a ba a tashi masallaci ba. Adadin ma'aikata ba ya dacewa da takardar biyan lada, siminti yana shigowa kwana biyu kafin ranar da ke kan takardar dila. Wani lokaci shafin Talata yakan ambaci abin da ba a sani ba sai Juma'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma shafi ɗaya da aka kama ya isa ya zubar da darajar sauran.

Kariyar mai sauƙi ce. Littafi ya zama ɗinkakke mai lambobin shafi, ba takardu warwatse ba. A rubuta da biro a ranar. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta shi, a gyara a gefe, a sa hannu. Ranar da ba a yi aiki ba ita ma tana da shafinta da dalilinta. Wakilin mai gida ya riƙa karantawa yana sa hannu aƙalla sau ɗaya a mako, kuma a tura hoton shafi ga ɓangarorin biyu kowace yamma, domin abin da ya riga ya isa wayar mutum biyu ba ya sauyuwa a ɓoye. Harshen rubutun ba shi ne abin dubawa ba. Hausar da ta faɗi awo da lokaci ta fi Turancin da bai faɗi komai ba, kuma kotu tana da hanyar fassara.

Abu mafi wuya shi ne rubuta abin da bai yi wa mai biyan albashi daɗi ba. Mai kula da aikin da ke cikin misalin nan zai iya barin kwana shidan Oktoba babu bayani, ko ya ɗora su a kan ruwa. Da ya yi haka, da takardar lada da shaidar maginan da ba a biya ba sun tona shi, kuma da shakkar ta bi ta kan shafin 6 ga Agusta, wanda shi ne ya ceto kwana 12 da kuɗin bulo 180. Don haka littafin yana rubuta abin da ido ya gani da abin da awo ya nuna, ya bar zargi da fassara ga masu hukunci. "Injiniya ya yi sakaci" ra'ayi ne da za a musa. "An kira ƙarfe 10:40 ranar Talata, ya iso bayan la'asar ranar Juma'a" kuwa babu mai musa shi.

Ga mai gidan da ke turo kuɗi daga nesa, sharaɗin riƙe wannan littafi layi biyu ne a cikin yarjejeniya, kuma lokacin sa shi shi ne kafin diga ta taɓa ƙasa. Shafin farko da ya kamata ya nema ya gani shi ne na zagayen katangar maƙwabta, da sa hannunsu a ƙasa.